Ginshiƙin da ba a gani: yadda guduma ke tona asirin kankare a ƙarƙashin ƙasa

Duk wadda ta taɓa sayen randa a kasuwa ta san ba a biyan kuɗi sai an ƙwanƙwasa. Lafiyayyar randa ƙararta garau take fita, mai tsaga kuwa sai ta amsa a dakushe. Injiniyoyin gadoji da manyan benaye ma haka suke yi wa ginshiƙan kankare da ake dasawa cikin ƙasa, sai dai tasu randar ta nutse mita ashirin ko fiye, kanta kaɗai ake gani.

Ana bukatar irin wannan ginshiƙi ne inda ƙasar sama ba za ta ɗauki nauyi ba, kamar bakin kogi, fadama, ko yashin Legas mai ruwa. Inji zai haƙa rami mai zagaye, a zura kejin rodi, a cika da kankare. Matsalar ita ce rami a cikin jiƙaƙƙen yashi ba ya tsayuwa, zaftarewa yake. Maganinsa wani yumɓu ne da ake kira bentonait, wanda masu haƙar rijiyar burtsatse ma sun san shi. Ana dama shi ruwa-ruwa kamar kunu, kusan kilo 30 zuwa 60 a lita dubu ta ruwa, a cika ramin da shi yayin da ake haƙa. Kunun yana shafe bangon ramin da wata siririyar fata, nauyinsa kuma ya tokare bangon. Sharaɗin shi ne samansa ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Ya sauka ƙasa da haka, ruwan waje ya turo, bango ya rufta.

To, ta yaya ake zuba kankare cikin ramin da yake cike da kunun laka ba tare da sun gauraya ba? A nan aikin yake. Ana zura wani dogon bututu mai mazurari a kai, wanda ma'aikata ke kira tiremi, har gindin ramin. Kankare mai laushi sosai yana bi ta ciki ya fito daga ƙasa, yana tasowa yana tura kunun sama. Bakin bututun dole ya zauna a nutse cikin ɗanyen kankare, mita biyu zuwa uku, daga farko har ƙarshe. Kankaren da ya fara fita, wanda ya kwashi datti, shi ke hawowa sama, daga baya a sassare shi a zubar.

Bari mu ɗauki misali. Ginshiƙi mai faɗin santimita 90, zurfin mita 20, yana cin kankare kimanin kubik mita 12.7, wato kowace mita tana shan wajen 0.64. An zuba har kankare ya taso saura mita 8 ya kai sama, sai motar kankare ta gaba ta maƙale a cunkoso. Na cikin bututun ya fara daskarewa. Da motar ta iso, kankare ya ƙi sauka, mai kuren ya ɗaga bututun yana jijjigawa don ya zube, garin haka bakinsa ya fito daga cikin kankaren. Ya mayar da shi da sauri, aka ci gaba da zubi, ba wanda ya ce uffan. Amma a wannan ɗan lokacin kunu da yashi sun shiga tsakani, sabon kankare ya binne su. Yanzu a mita 8 akwai shimfiɗar laka a tsakiyar ginshiƙin da zai ɗauki gada.

Sauran lahanin ma daga irin wannan sakaci suke fitowa. Idan bango ya zaftaro lokacin zubi, ginshiƙin yakan tsuke a wurin kamar wuyan gora, har rodi ya taɓa ƙasa ya kama tsatsa. Idan kuma ba a tace kunun ba kafin zubi, yashin da ke cikinsa ya kwanta a gindi, sai ginshiƙin ya zauna kan taɓo maimakon ƙasa mai ƙarfi. Shi ya sa ake ɗebo kunu daga can gindin ramin a auna: yashinsa kada ya wuce kashi 4 cikin ɗari, nauyinsa kuma kada ya haura kilo 1.15 a lita.

Bayan kamar mako guda, mai gwaji zai zo da jaka ɗaya a kafaɗa. Zai sa a sassare kan ginshiƙin har a kai ga kankare mai kyau, a goge wuri ya yi sumul, a share ruwa da ƙura. Sai ya manna wata 'yar na'ura mai jin girgiza, ba ta kai kwalbar turare ba, ya ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba ya buga. Bugun yana gangarawa cikin kankare da gudun kusan mita 4,000 a sakan, ya daki gindi, ya dawo kamar amsa-kuwwa. Zai maimaita a wurare uku ko huɗu a kan, ya ga ko zanen da ke fita a allon na'urarsa iri ɗaya ne. Ƙa'idar ASTM D5882 ce ta tsara yadda ake wannan gwaji.

Lissafin bai da wuya: `L = c × t ÷ 2`, wato gudu sau lokaci, a raba biyu saboda tafiya ce da dawowa. A ginshiƙinmu mai mita 20, amsar gindi za ta dawo bayan milisakan 10, kuma milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Amma sai ga wata amsa ta riga ta, a milisakan 4. Gudun 4,000 sau 0.004, a raba biyu, ya ba da mita 8. Asirin mai kuren ya tonu. Har fuskar da zanen ya karkata tana magana: idan amsar ta bi gefen da bugun farko ya bi, ginshiƙin ya tsuke ne ko kankaren ya yi rauni, idan ta juya ɗaya gefen, kumbura ya yi, wanda galibi ba abin damuwa ba ne.

Sai dai a nan nake ganin ana yawan ɗora wa gudumar nauyin da ba nata ba. Gudun 4,000 ɗin ƙiyasi ne. In na gaskiya 3,600 ne, lahanin yana mita 7.2. Ƙasar da ta rungume ginshiƙin tana shanye bugun, don haka idan tsawo ya wuce faɗi kamar sau 30, sau da yawa ba a jin amsar gindi. Babban lahani na sama yana ɓoye duk abin da ke ƙarƙashinsa, ƙaramin lahani kuma yakan wuce ba a ji shi ba. Wurin da ginshiƙi ya kumbura sannan ya koma daidai yana iya fitowa kamar tsukewa, ya sa a zargi aikin da ba shi da laifi. Uwa uba, gwajin ba ya faɗin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka. Wannan sai an ɗora masa kaya na gaske an auna nutsewarsa.

Saboda haka ƙwararren mai gwaji ba ya yanke hukunci da zane kaɗai. Zai nemi takardar zubi, inda aka rubuta lokacin isowar kowace mota, yawan kankaren da ta sauke, tsayin da ya taso, da zurfin bututu. Idan takardar ta nuna jinkiri daidai lokacin da kankare yake mita 8, magana ta ƙare: a huda ginshiƙin a ciro samfuri, in laka ta tabbata a cusa ruwan siminti da ƙarfin famfo, ko a dasa wani ginshiƙin a gefe. A manyan ginshiƙai, tun kafin zubi ake ɗaure bututai a jikin kejin rodi don a zura na'urorin sauti ciki daga baya, domin can guduma ba ta kaiwa.

Mai aiki, ko gwamnati ce ko ɗan kasuwa, ya saka a yarjejeniya cewa za a buga kowane ginshiƙi, ba 'yan kaɗan da ɗan kwangila ya zaɓa ba, kuma a yi kafin a zuba kankaren da zai rufe kawunansu. Mai gwaji ɗaya yana iya gama ginshiƙai da dama a yini guda.