Gibin Naira 2,700: Yadda Ɗalibin Horo Ke Bin Sawun Kuɗi a Shago

Tun 1973 hukumar ITF ta kafa shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a wajen aji. Ba kowa ke samun banki ko babban kamfani ba. Wasu ɗaliban akanta a shagon sari suke tsintar kansu, irin na kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano, a miƙa musu bandir ɗin rasit da dogon littafi a ce, "Ga aikinka."

Littafin kuɗi fuska biyu gare shi. Hagu na kuɗin da ya shigo ne, dama na wanda ya fita, kuma kowace fuska tana da layin tsabar kuɗi da layin banki. Duk abin da za a rubuta sai da shaidarsa: kwanan wata, lambar rasit, abin da aka saya ko aka sayar, da adadi. Mai saye ya tafi da asalin rasit, kwafinsa ya zauna a bandir. Rasit ɗin da ya lalace ba a yage shi, sai a ja masa layi a rubuta an soke, domin lambar da ta yi tsalle ita ce abin da mai bincike zai fara tambaya.

A ɗauki misalin wani shagon kayan masarufi. An buɗe da naira 40,000 a durowa. Cinikin tsaba da ɗalibi ya shigar a littafi ya kai 216,000. An biya 'yan dako 6,000, an sayi man janareta na 14,000, an kai 150,000 banki. Wato 256,000 ta shigo, 170,000 ta fita, littafi ya ce saura 86,000. Bayan la'asar aka ƙirga kuɗin durowa, sai ga 83,300. Babu 2,700.

A nan ne hankalin sabon shiga ke tashi, har ya fara tunanin cikawa daga aljihunsa, ko ya soma kallon yaron shago. Gaggawa ce. Gibin kansa yakan nuna inda za a duba.

Da farko a sake ƙirga kuɗin, kowace takarda da 'yan'uwanta, a sake tara layukan littafi. In gibin yana nan, a raba shi da 9. Naira 2,700 ta rabu daidai, ta ba da 300, kuma wannan alama ce mai ƙarfi cewa lambobi biyu sun yi musayar wuri, domin duk lokacin da hakan ta faru bambancin yakan rabu da 9 ba saura. Sai ɗalibin ya bi kwafin rasit ɗaya bayan ɗaya, yana sa alama a littafi. Can ya ga rasit na katan ɗin sabulu ya ce 5,800, littafi kuwa 8,500 aka rubuta. Ba wanda ya ɗauki ko sisi. Gyaran ma ba da gogewa ake yi ba: layi ɗaya a kan kuskuren yadda zai karantu, a rubuta daidai a samansa, a sa hannu.

Da gibin 12,000 ne, dabarar ita ce a raba shi biyu. Rabinsa 6,000 ne, kuɗin dako ke nan, ma'ana an rubuta shi a hagu maimakon dama, shi ya sa ya ninka. Sai dai waɗannan dabaru suna aiki ne in kuskuren ɗaya ne. Biyu suka haɗu, babu makawa sai an bi rasit duka.

Wanda ya fi wuya ba na lissafi ba ne. Mai shago ya zura hannu ya ɗauki kuɗin cefane ya wuce masallaci, wa zai tare shi? Ɗalibi mai wayo yakan tanadi 'yar takardar fitar da kuɗi, ya bari sai ya dawo ya ce, "Alhaji, a taimaka a sa mini hannu a nan, don lissafi ya cika." A rubuta shi a matsayin kuɗin da mai shago ya ɗauka don kansa, kada a cusa shi cikin kashe-kashen shago, in ba haka ba ribar wata za ta fito ƙasa da gaskiyarta.

Cinikin POS da tiransifa kuma layin banki suke shiga, ba na tsaba ba. In aka sa su a tsaba, durowa za ta gaza da daidai wannan adadin. Hoton alat a wayar mai saye ba shaida ba ne, sai kuɗin ya bayyana a asusun shago. A ƙarshen wata a ɗora layin banki a kan sitatimen: cajin banki da na POS da littafi bai sani ba a shigar da su, cekin da aka bayar ba a kai banki ba tukuna kuwa a jera shi a takardar daidaitawa har ya fita.