Yadda Ake Tsara Binciken Gani da Ido Kan Amfani da Filaye a Gari

Binciken amfani da filaye shi ne a fita da ƙafa a duba abin da ake yi da kowane yanki na ƙasar gari: ina gidajen zama suke, ina shaguna, ina ake ƙira da walda, ina aka bar kango. Ɗaliban labarin ƙasa suna yin sa, haka ma ma'aikatan tsara birane. Yinin fita shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Aikin yana gyaruwa ko ya lalace ne tun a kan tebur, lokacin da ake yanke shawarar abin da za a tambaya, inda za a tsaya, da yadda za a rubuta abin da aka gani.

Ana farawa da tambaya guda wadda za a iya amsa ta da ƙidaya. Wanda ya ce zai binciki yadda ake amfani da ƙasa a Kano bai faɗi abin da zai iya yi ba, domin birnin ya fi ƙarfin aji ɗaya. Amma a ɗauki Titin Zariya, daga mahaɗar Dangi, a bi ta Gyaɗi-Gyaɗi da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a wuce Unguwa Uku zuwa Na'ibawa, sannan a tambaya: shin kasuwanci yana raguwa, gidajen zama suna ƙaruwa, yayin da ake nisa da tsakiyar gari? Wannan tambaya tana da iyaka, kuma amsarta tana iya zuwa saɓanin zato, domin a Na'ibawa akwai 'Yan Katako da 'Yan Lemo, manyan kasuwanni da suka kafu nesa da tsakiya. Daga nan sai a nemi taswira. Hoton tauraron ɗan adam na Google Earth yana nuna rufin gini da shekarar da aka ɗauke shi, amma ba ya nuna abin da ake yi a ƙarƙashin kwanon, dalilin fita ke nan.

Mataki na biyu shi ne rarraba amfanin ƙasa zuwa rukunai kaɗan, a ba kowanne harafi. Shida sun wadatar: Z don gidan zama, K don kasuwanci, S don sana'ar hannu da masana'anta, H don hidimar jama'a irin masallaci da makaranta da asibiti, N don noma da kiwo, F don fili ko kango. A takarda abin kamar ba wuya. A cikin unguwa kuwa, mai bincike zai tsaya a gaban gida ɗaya ya tarar an fasa ɗakin gaba an yi shagon tireda, a zaure almajirai suna karatun allo, daga ciki ana jin ƙarar injin markaɗe, ga tumaki biyu ɗaure a gindin katanga. Wane harafi za a rubuta? Idan ba a yanke wannan tun a aji ba, ɗalibi ɗaya zai sa Z, wani ya sa K, kuma bambancin da zai fito a sakamako na ɗaliban ne, unguwannin ba su da hannu a ciki. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce a rubuta haruffa biyu: na farko don amfanin da ya ci mafi yawan filin, na biyu don wanda ke biye. Gidan nan zai zama ZK, sauran abubuwan kuma su shiga gurbin ƙarin bayani. Idan bene ne, a rubuta ƙasa daban, sama daban, domin sau da yawa ƙasa shaguna ne, sama ofis ko wurin kwana.

Daga nan sai zaɓen samfuri, wato wuraren da za a duba a madadin sauran. Mai sayen buhun gero ba ya zazzage shi duka, sai dai ya soka ƙarfe a sama da tsakiya da ƙasa, don ya san wanda aka yi wa kyakkyawan baki. Abin da ake gudu a binciken gari shi ne mai bincike ya zaɓi wuri da son ransa: inda akwai inuwa, inda mai gida ya yi fara'a, inda babu kwata. Maganinsa a kafa ƙa'ida kafin a fita, a kuma bi ta ko da ta kai mutum inda ba ya so.

A ce an ware kilomita 3 na titin. Za a tsaya a kowace mita 300, wanda ya ba da tasha 11 idan an haɗa da mafari. Wannan shi ne zaɓe bisa tazara. Sai dai bakin babban titi kusan duk shaguna ne da gidajen mai, daga farko har ƙarshe, don haka wanda ya tsaya nan kaɗai zai koma da labarin cewa garin duka kasuwa ne. Shi ya sa a kowace tasha ake rubuta filaye biyar na bakin titi, sannan a shiga layin da ya fi kusa ta hannun hagu a rubuta goma a jere. Tasha 11 sau filaye 15 sun zama 165, adadin da aji mai ɗalibai 22, biyu-biyu a kowace tasha, zai gama da hantsi. Inda babu ma'auni, kowane ɗalibi ya fara auna takunsa: a shimfiɗa mita 50 a filin makaranta, ya taka sau uku, ya riƙe matsakaicin adadin.

Akwai wani tarko a ƙidayar filaye. Asibitin koyarwa fili ɗaya ne a lissafi, shagon mai caji ma fili ɗaya ne, alhali asibitin ya ci ƙasar da ta fi ta unguwa guda. Idan tambayar ta shafi yawan ƙasar da kowane amfani ya cinye, dole a ƙara gurbin faɗin gaban fili, a auna da taku. A unguwar awon gwamnati filaye kan zo kusan daidai da juna, ƙidaya tana isa. A unguwar awon igiya da tsofaffin unguwanni, inda gado ya yayyanka gida ɗaya zuwa uku, ba ta isa.

Ido yana ganin abin da ke wurin yau. Ba ya ganin abin da ke wurin shekara goma da suka wuce, ko dalilin da ya sa aka canza. Wannan aikin takardar tambayoyi ne. A nan an fi amfani da zaɓe bisa rukuni. A ce yankin yana da filaye 600: 300 a tsohuwar unguwa, 200 a sabon awo, 100 a bakin titi, kuma takardu 60 za a iya cikawa. Sai a raba su daidai da girman kowane rukuni, 30 da 20 da 10. Ke nan fili ɗaya cikin kowane goma. A rubuta lamba 1 zuwa 10 a ƙananan takardu, a zuba a hula, a zaro ɗaya. Idan 4 ta fito, za a shiga fili na 4, na 14, na 24, haka har ƙarshe. Idan ba a samu kowa ba, a rubuta hakan, a koma sau ɗaya, sannan a ɗauki na gaba da shi.

Tambayoyin kada su wuce takwas ko goma, domin mai shago yana da ciniki a gabansa. Mafi yawansu su zama masu zaɓin amsa: shekara nawa ake wannan aiki a nan, ƙasa da biyar, biyar zuwa goma, ko fiye? Me ake yi da wurin kafin nan? Haya ne, gado, ko saye? Ɗaya ko biyu a bar su a buɗe, kamar "me ya sa aka zaɓi nan?" Tambayar da ta riga ta ɗauko amsarta ba ta da amfani. Wanda aka ce masa "ba ka ganin shaguna sun cika unguwar nan?" zai ce haka ne, ko don kunya. A guji tambayar riba da takardar mallakar fili. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamnan jiha a matsayin amana, kuma mutumin da ya ga baƙo da takarda yana tambayar shaidar mallaka, rusau ko haraji ne zai fara faɗo masa a rai. Daga nan ko ya yi shiru, ko ya faɗi abin da zai kare shi.

Saboda haka ake fara zuwa wajen mai unguwa da wasiƙar makaranta, kuma ake buɗe kowace hira da bayanin ko su wane ne, da cewa ba za a rubuta suna ba, kuma amsawa ba dole ba ce. Kowane rukunin masu bincike yana buƙatar mace, domin namiji iyakarsa zaure, alhali ɗinki da ƙuli-ƙuli da markaɗe a cikin gida ake yin su. Binciken da maza kaɗai suka yi yakan rage sana'ar mata a lissafi ba tare da an lura ba. Kafin a buga takardu da yawa, a gwada tambayoyin a kan mutum biyar. Duk tambayar da sai an yi mata bayani sau biyu, a sake rubuta ta.

Lokaci ma yana canza sakamako. Da azahar ɗin Juma'a shaguna da dama a rufe suke. Filin da aka rubuta F a watan Maris yana iya zama gonar masara da kuɓewa a watan Agusta. Don haka dukkan ɗalibai su fita rana ɗaya, sa'a ɗaya, kuma a rubuta kwanan wata a kan kowace takarda.

Takardar rubuta bayanai tebur ce da aka zana tun a aji: lambar tasha, lambar fili, harafin amfani, yawan hawa, faɗin gaba, ƙarin bayani. Da fensir ake cikawa, don biro yakan zuba idan yayyafi ya taɓa takarda, kuma a wurin ake cikawa, ba a bari sai an koma gida. Lambar da ke tebur ita ake sawa a kan taswira. Gurbin da babu komai a rubuta masa sifili, domin gurbin da aka bari fayau ba a sanin ko babu ne ko mantuwa. Hoto kuma sai da izini.

Da yamma a haɗa takardun a duba tun ƙwaƙwalwa ba ta huce ba. Idan tasha ta 6 ta kawo K goma sha biyu cikin 15, wato kashi 80 cikin ɗari, alhali ta 5 da ta 7 ba su wuce huɗu-huɗu ba, ko dai akwai kasuwa a wurin, ko ɗaliban ba su shiga layi ba. Sai an koma an duba kafin a karɓi lambar. Sakamakon titi ɗaya kuma a kan titin nan kaɗai yake magana. Wanda ke son yin hukunci a kan Kano duka sai ya maimaita aikin da ƙa'idoji iri ɗaya a Titin Katsina da Titin Haɗeja da Titin Gwarzo.