Riba a Littafi, Asusu Babu Kuɗi: Yadda Akanta Ke Bin Sawun Ribar Kamfani

A ƙarshen shekara akanta ya miƙa wa mai kamfani takarda, ya ce an ci ribar naira miliyan 12. Mai kamfani ya duba asusun banki, ya ga ko albashin watan gobe da ƙyar zai fita. Abin da ke fara zuwa ransa shi ne an ci amanarsa. Sau da yawa kuwa babu wanda ya taɓa ko sisi, kuɗin na nan, sun dai sauya kama ne. Takardar da ke nuna inda suka shiga ita ce bayanin shige da ficen tsabar kuɗi, musamman sashenta na farko, wanda ya shafi harkar kamfani ta yau da kullum.

Tushen saɓanin yana cikin yadda ake lissafa riba. A ƙa'idar akantoci, da zarar kaya sun bar hannunka sun shiga hannun mai saye, an yi ciniki, ko ya biya nan take ko sai bayan wata uku. Haka ma kuɗin wuta na watan Disamba, kashe kuɗi ne na wannan shekara ko da sai Fabrairu za a biya. Shi kuwa asusun banki bai san wannan ba, abin da ya shigo da abin da ya fita kaɗai ya sani.

Ƙa'idar duniya mai suna IAS 7, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suka koma bi tun 2012, ta ba da hanya biyu. Ta kai tsaye ita ce a jero kuɗin da aka karɓa daga masu saye, a cire wanda aka biya masu kawo kaya da ma'aikata. Ta zagaye kuwa, wadda yawancin kamfanoni suka fi ɗauka, daga riba take farawa, a riƙa ƙarawa ana ragewa har a iso ga tsabar kuɗi. Duka biyun jimla ɗaya suke bayarwa. Ni dai ta zagayen na fi so, don ita ce ke amsa tambayar da ke damun mai dukiya: ina ribata ta tafi?

Mu ɗauki misalin kamfanin casar shinkafa, mu bi wannan miliyan 12 ɗin.

Matakin farko shi ne mayar da abin da aka cire daga riba alhali ko kwabo bai fita ba. Kamfanin ya sayi injin casa na miliyan 50 shekara uku da suka wuce, ana sa ran zai yi aikin shekara goma. Akanta ba ya ɗora wa shekara guda wannan nauyi, sai ya raba shi, kowace shekara ya cire miliyan 5 a matsayin raguwar darajar inji. Kuɗin injin tun ranar saye suka fita, bana babu wanda aka miƙa wa wannan miliyan 5. Saboda haka a mayar da ita kan riba, ta zama 17. A nan mutane da dama ke ruɗewa, su ɗauka tsufan inji wata hanya ce ta samun kuɗi. Ba ya kawo komai. Gyara kawai ake yi, ana soke cirewar da ba ta taɓa asusu ba.

Sai kuma tsohuwar motar dakon kaya da aka sayar miliyan 4, alhali darajarta a littafi miliyan 3 ce. Wannan rarar miliyan 1 ta shiga cikin riba, amma sayar da mota ba sana'ar kamfanin ba ce. Dukan miliyan 4 ɗin za su bayyana a wani sashe daban, na saye da sayar da kadarori. Idan aka bar rarar a nan an ƙirga ta sau biyu ke nan, don haka a cire. Saura 16.

Yanzu aka zo inda kuɗi suka fi ɓuya, wato bashi da sito. A nan akanta yakan ɗauko takardar kadarori da basussuka ta bara da ta bana, ya ajiye su gefe da gefe, ya duba bambanci. Bara dillalai sun riƙe wa kamfanin miliyan 6, bana miliyan 15 ake bin su. Ma'ana akwai cinikin miliyan 9 da aka ƙirga a riba, buhunan sun fita, an rubuta a littafi, amma kuɗin na aljihun wasu. A cire 9, saura 7. A lura, ƙarin da aka samu ake cirewa, ba dukan bashin ba. Da bashin raguwa ya yi, da ƙarawa za a yi, domin hakan na nufin an karɓo tsohon bashi.

A leƙa sito. Bara kayan miliyan 10 ne a ciki, bana an sayi shanshera da yawa lokacin kaka, har kayan suka kai miliyan 18. Lissafin riba ba ya cire kuɗin buhun da ba a sayar ba tukuna, amma kuɗi sun riga sun fita. A cire 8, sai lissafi ya nutse ƙasa da sifiri da miliyan 1. Abin da ya ɗago shi shi ne bashin da masu kawo shanshera ke bin kamfanin, wanda ya tashi daga miliyan 4 zuwa 7. Kaya sun shigo ba a biya ba, kuɗin na nan a asusu, sai a ƙara 3. Daga ribar miliyan 12, tsabar da harkar ta samar miliyan 2 ce kacal.

Wannan ƙarin na ƙarshe shi nake so mai karatu ya sa wa ido. Kamfani na iya ƙawata wannan jimla ta hanyar jinkirta biyan masu binsa har shekara ta rufe, sai ranar biya ta zo a Janairu kuɗin su fice. Haka kuma takardar ba za ta gaya maka ko shinkafar da ke sito lafiyayya ce ko danshi ya kama ta ba, ko dillalan nan masu biya ne. Shekara guda ba ta isa hukunci, domin kamfani mai bunƙasa dole bashinsa da sitonsa su ƙaru. Alamar haɗari ita ce a ga bashin da ake bin masu saye yana gudu fiye da ciniki, shekara bayan shekara.

Haka ta faru da W. T. Grant, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kantuna na Amurka. Ya yi shekaru yana bayyana riba yana raba wa masu hannun jari, alhali harkarsa ta yau da kullum cin kuɗi take yi maimakon samarwa, saboda bashin da ya sakar wa masu saye da kayan da suka taru a kantuna. Da rancen banki yake cike giɓin, har ya durƙushe a 1975. A lokacin dokar Amurka ba ta wajabta wannan takarda a siffarta ta yanzu ba, sai a 1987 aka wajabta ta.