Rarrabawar Poisson

Rarrabawar Poisson tsari ne na lissafin ƙididdiga da ake amfani da shi wajen ƙirga abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba a cikin ƙayyadadden lokaci, kamar awa ɗaya ko shekara ɗaya. An sa mata sunan masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Siméon Denis Poisson, wanda ya wallafa ta a shekarar 1837. Tsarin ya dogara ne da sharuɗɗa biyu: faruwar abu ɗaya ba ta jawo faruwar wani, kuma saurin faruwar ba ya sauyawa daga lokaci zuwa lokaci.

Ma'auni

Idan λ ita ce matsakaicin adadin faruwar abin a kowane lokaci, yiwuwar ya faru sau k ita ce:

P(k) = e^(−λ) × λ^k / k!

Abin da ya bambanta wannan tsari da sauran shi ne lamba guda, wato λ, ita ce matsakaici kuma ita ce warwatsuwa. Warwatsuwa awo ne na yadda ƙirge-ƙirgen suka yi nisa da matsakaicinsu. Don haka gwajin farko da ake yi wa bayanai shi ne a lissafa su biyun, a ga ko sun yi kusa da juna.

Misalin harbin doki

A shekarar 1898 Ladislaus von Bortkiewicz ya wallafa adadin sojojin ƙasar Prussia da doki ya harba suka mutu tsakanin 1875 da 1894. Teburin da aka fi koyarwa ya ƙunshi runduna goma cikin shekaru 20, wato ƙirge 200, kowane ƙirge yana nufin runduna ɗaya a shekara ɗaya. Sau 109 babu wanda ya mutu. Sau 65 mutum ɗaya ya mutu, sau 22 mutum biyu, sau 3 mutum uku, sannan sau ɗaya tak mutum huɗu.

Jimillar mamatan 122 ce. Idan aka raba ta da 200, matsakaici ya zama 0.61. Wajen neman warwatsuwa, ana ninka kowane ƙirge da kansa sannan a tara: 65 + 88 + 27 + 16 = 196. A raba 196 da 200 a sami 0.98, sai a cire 0.61 × 0.61, wato 0.372. Abin da ya rage shi ne 0.608, wanda kusan daidai yake da matsakaicin.

Idan aka sa λ = 0.61 a cikin ma'aunin, ana sa ran sau 108.7 babu mutuwa, sau 66.3 mutum ɗaya, sau 20.2 mutum biyu, sau 4.1 mutum uku. Bambancinsu da abin da aka ƙirga kaɗan ne. Ma'anar wannan ita ce shekarar da mutum huɗu suka mutu a runduna ɗaya ba hujja ba ce ta sakaci na musamman, domin a cikin ƙirge 200 ba abin mamaki ba ne a sami irinta sau ɗaya.

Sai dai rundunonin asali 14 ne, an ware huɗu saboda tsarinsu ya sha bamban da na sauran. Idan aka haɗa duka, matsakaici 0.70 ne, warwatsuwa kuma 0.76.

Idan lambobin ba su daidaita ba

Ba a neman lambobin biyu su zo daidai cif. Ana raba warwatsuwa da matsakaici, a duba nisan sakamakon daga 1. A ƙirge 200, kaucewa ta kusan 0.1 abu ne da aka saba gani, amma sakamako kamar 1.5 alama ce ta matsala.

Abin da aka fi cin karo da shi shi ne warwatsuwa ta zarce matsakaici. Wannan yana faruwa idan abubuwan suna zuwa a dunƙule, kamar cuta mai yaɗuwa ko haɗarin mota guda da ya kashe mutane da yawa, ko kuma idan an cakuɗa rukunai masu saurin faruwa daban-daban. Masu nazarin harshe ma suna ganin haka: sunan mutum kan ɓace a shafuffuka da yawa na littafi, sannan ya bayyana sau goma a shafi ɗaya. Wanda ya yi biris da wannan zai ɗauka sakamakonsa ya fi tabbas fiye da yadda yake, har ya ga bambanci inda babu shi. A irin wannan hali akan koma ga tsarin da ke barin λ ta sauya daga rukuni zuwa rukuni.

Warwatsuwa kan gaza matsakaici idan abubuwan suna zuwa a kan tsari, kamar jirgin da ke tashi a kan jadawali.

Daidaituwar lambobin biyu kaɗai ba ta tabbatar da cewa bayanai na Poisson ne. Da a ce kowace runduna mutum ɗaya ko babu take rasawa, ko kuma uku, ana iya samun lambobin su daidaita alhali siffar teburin ta saɓa. Shi ya sa ake gwama kowane layi na teburin da adadin da ma'aunin ya bayar.