Mayar da kaya: daga wace rana ake fara lissafi?

Sau da yawa masu saurare na bugo mana waya a gidan rediyo da kuka iri ɗaya: an sayo musu kaya daga Faransa ta intanet, kayan sun iso ba su yi musu ba, amma da aka nemi a mayar sai mai kanti ya ce wa'adi ya wuce. Mai kaya kuma ya rantse ko sati bai yi da ganin abin ba. Gaskiyar magana ita ce dukansu biyu ba ƙarya suke yi ba. Kowa da ranar da ya fara ƙidaya, kuma ranar mai kanti ce doka ta sani. Don haka muka ga ya dace mu warware wa ƴan kasuwa, maza da mata, yadda wannan lissafi yake.

Da farko sai an bambanta ciniki iri biyu. Idan mutum ya shiga kanti a Faransa da ƙafarsa, ya ga kaya, ya taɓa, ya biya, doka ba ta tilasta wa mai kanti karɓar kayan don kawai mai saye ya sake shawara. In ya yarda a mayar, alfarma ce ya yi, kuma shi ke yanka wa'adi, galibi daga ranar da ke rubuce a kan resi. Amma idan daga nesa aka saya, ta intanet ko ta tarho, mai saye bai ga kayan da idonsa ba, sai hoto. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba shi kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba. Faransa ta fara aiki da ita a 2014. Kafin nan kwana 7 ne. A nan ba daga ranar biyan kuɗi ake ƙidaya ba, daga ranar karɓar kaya ne, domin ranar ce mutum ya samu damar dubawa.

To, wa ya karɓa? Nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Doka ta ce lissafi na farawa idan kaya sun shiga hannun mai saye, ko hannun wanda ya wakilta ya karɓar masa, ban da mai dakon da ya kawo su.

Mu ɗauki misali. Wata Hajiya a Maraɗi tana son salula da injin markaɗe don amfanin gidanta, aka saya mata ta intanet ranar Litinin 4 ga Maris 2024, da adireshin ɗanta mai karatu a Liyon. Salula ta iso ranar 6, injin kuma ranar Asabar 9 ga wata. Tunda saye ɗaya ne aka kawo kashi biyu, daga kashin ƙarshe ake lissafi. Ranar karɓa ba ta shiga ƙidaya, saboda haka Lahadi 10 ga wata ce rana ta farko. Ana haɗawa da ranakun hutu, ba a tsallake su, sai rana ta 14 ta faɗo Asabar 23 ga wata. Idan ranar ƙarshe ta faɗo Asabar, Lahadi ko ranar hutun gwamnati, ana ɗagawa zuwa ranar aiki ta gaba, wato Litinin 25 ga Maris. Yaro ya ajiye kayan cikin kwalinsu yana jiran matafiyi, ba su iso Maraɗi ba sai 28 ga wata. Hajiya ta buɗe, ta ga injin ya yi mata ƙanƙanta. A wurinta yau ne rana ta farko, a wurin mai kanti kuwa ƙofa ta rufe kwana uku da suka wuce.

Da abin da ya kamata a yi shi ne, yaro ya buɗe kwali ranar da ya karɓa, ya nuna wa mahaifiyarsa kayan ta waya, a yanke shawara tun suna can. Kuma a sani, ba dole ne kayan su koma cikin kwana 14 ɗin ba. Abin da ake bukata shi ne a sanar da mai kanti a rubuce cewa an fasa, a ajiye shaidar ranar da aka aika saƙon. Daga nan akwai wasu kwana 14 na aika kayan. Kuɗin mayarwa a kan mai saye yake, sai in kantin ya ɗauke masa ko kuwa bai gaya masa tun farko cewa shi zai biya ba. Mai kanti na da ikon riƙe kuɗin har kaya su iso ko a nuna masa takardar aikawa.

Sai batun kayan da ba a mayarwa. Ba mugunta ba ce, kuma duk ƴar kasuwa za ta gane dalilin in ta tambayi kanta: in aka dawo mini da wannan, wa zan sayar wa? Rigar da aka ɗinka da awon mutum, ko zoben da aka zana wa sunansa, ba su da wani mai saye. Abinci ɗanye da furanni kafin su koma sun lalace. Man shafawa ko jan baki da aka ɓalle wa hatimi, ba wanda zai yarda ya shafa abin da bai san hannun da ya taɓa ba. Amma in hatimin na nan daram, ana iya mayarwa. Akwai kuma abin da farashinsa ke hawa da sauka a kasuwar duniya, kamar sandar zinariya: da ana mayarwa, sai kowa ya saya ya zuba ido, in farashi ya faɗi ya ce ya fasa. Ko kayan da ake mayarwa ma, dubawa aka yarda a yi, irin wadda ake yi a kanti. Wadda ta yi sati tana markaɗa tattasai da injin, ana iya cire mata abin da ya ragu daga darajarsa.

Kada a haɗa wannan da kaya mai aibi. Fasa ciniki don abu bai kwanta wa mutum ba daban, lalacewa daban. In injin ya zo ba ya aiki, garanti na doka ne ke magana, kuma a Faransa shekara 2 ne daga ranar da aka miƙa kaya.

Abu na ƙarshe shi ya fi shafar masu karatunmu. Wannan dama ta kwana 14, ta mai saye don amfanin kansa ce. Wanda ya saro salula hamsin ta intanet don ya zuba a shagonsa a Damagaram ko Tawa, ɗan kasuwa ne, dokar ba ta rufe shi ba, sai abin da suka ƙulla da dilansa. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne: littattafan Malikiyya sun san ciniki da sharaɗin zaɓi, suna ba da kamar kwana uku ga tufa, kamar wata guda ga gida. Saboda haka kafin kuɗi su bar hannu, a rubuta abu uku a kan faktir: kwana nawa ne, daga wace rana za a fara ƙidaya, da kayan da ba su cikin sharaɗin. In kaya za su bi hanya mai nisa, a dage a kan ranar isowa, ba ranar biya ba.