Ba Kowace Ƙarya Ce Raha Ba

Akwai wata magana da ake yawan faɗa a majalisun shayi na Azare, kuma abokaina da nake ganin girmansu suna cikin masu faɗarta: wai duk wanda ya karɓi mulki ya zama jujin jama'a, don haka ko me aka ƙirƙira a kansa raha ce. Na yarda da su cewa talaka yana da haƙƙin yi wa mai mulki dariya. Inda muka rabu shi ne kalmar "ko me".

Bahaushe ya daɗe yana kwaikwayon shugabanninsa. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, har sarkin ya ga halinsa a jikin wata. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa nasu gwamna da alƙali. A nan ƙasar Katagum kuwa, kowa ya san yadda Bafulatani da Babarbare ke jifan juna da labaran da ba su taɓa faruwa ba. Amma a duk waɗannan, mai kallo ya san fagen wasa yake. Yana ganin rawanin aro ne, ya kuma san wanda ya naɗa shi. Dariyar ma daga wannan sanin take fitowa.

To, a auna wannan da abin da ya faru a watan Oktoba na 2019. Katin gayyata ya bazu a wayoyi cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari zai auri ministarsa, Sadiya Umar Farouq, ranar Juma'a. An tsara katin kamar na gaske, da sunaye da rana. An kuma zaɓi lokacin da Hajiya Aisha Buhari ta daɗe a ƙasar waje, don labarin ya samu gindin zama. Juma'a ta zo ta wuce ba a ɗaura komai ba, fadar shugaban ƙasa ta ƙaryata, kuma a watan Janairu na 2020 hukumar DSS ta gabatar da wani mutumin Kano da ta zarga da haɗa bidiyon bogi na wannan aure.

Me ya raba katin nan da kalankuwa? Mai barkwanci yana ƙara gishiri har kowa ya gane, domin idan ba a gane ba, wasansa ya lalace. Mai yaudara kuwa goge duk wata alamar wasa yake yi, domin ranar da aka gane, ranar aikinsa ya rushe. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane hoto ko murya ita ce: idan kakarka a Chinade ko Madara ta ji a wayar jikanta, ba tare da bayani ba, za ta ce wasa ne ko labari?

Za a ce, ai mai abin ya rubuta "raha ce" a ƙasa. Wannan kariya ce mai rauni. Kafin saƙo ya wuce hannu uku a WhatsApp an yanke rubutun, hoton kaɗai ke tafiya. Dole alamar wasa ta kasance a jikin abin kansa, kamar zanen da ya ba ɗan siyasa tumbi ya kai randa. Sannan a duba abin da aka taɓa. Zanen gwamna yana barci a kan hanyar da ya yi alkawarin gyarawa suka ce ga aikinsa. Ƙirƙira wa mace aure, ko sa wa malami fatawar da bai yi ba, wannan ƙage ne, kuma iyalinsu ba su tsaya takara ba.

Kada masu mulki su ɗauka na ba su sanda. A watan Nuwamba na 2022 an kama wani ɗalibi ɗan Azare saboda gugar zanar da ya yi wa Aisha Buhari a Twitter, aka tsare shi har sai da ta janye ƙara bayan jama'a sun yi ca. Ko da maganar ta yi zafi, ba takardar bogi ya haɗa ba, kuma tsare shi ya fi kalamansa muni. Wanda ya hau kujera sai ya koyi haɗiye zolaya.

Ɗan'uwa, yi wa shugaba dariya iya son ranka, amma ka bar rawanin aron a fili kowa ya gani. Idan kuwa sai an yarda cewa gaske ne abin naka zai yi armashi, to ƙarya ce, kada ka tura.