Adibas Na Albashi: Yadda Ake Karɓa, Yadda Ake Yankewa

Da zarar kuɗin haya ya taso, ko Sallah ta matso, ko an kwantar da wani a asibiti, ofishin akanta yakan cika da takardun neman adibas. Ma'aikaci ne yake roƙon a ba shi wani ɓangare na albashin da bai riga ya yi aikinsa ba, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan duk wata har ya gama biya. Da yawa suna ɗaukar abin a matsayin alfarma tsakanin maigida da yaronsa, alhali a Nijeriya doka ta tsara shi dalla-dalla.

Sashe na 4 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki ya ba da adibas da ya wuce albashin wata ɗaya. Ya kuma ce ba za a karɓe kuɗin a ƙasa da wata uku ba, wato maigida ba shi da ikon kwashe shi gaba ɗaya a albashin da ke tafe. Ba a ɗora masa ruwa, ba a kuma zaftare wani abu da sunan ladan bayarwa. Wanda bai gama biyan na baya ba, ba a ƙara masa wani, sai in wata larura ce da mai aikin ya amince da ita. Sai dai dokar ta fi kare leburori da ma'aikatan ofis na ƙasa-ƙasa. Manajoji da ƙwararru, takardar ɗaukar aikinsu da ƙa'idojin ma'aikatarsu ne ke hukunci.

A ɗauki misalin direban wani kamfani a Bompai, cikin Kano, mai albashin naira 90,000. Mai gidan haya ya matsa masa, ya rubuta takarda, shugaban sashensa ya sa hannu, akanta ya tura masa 90,000 cif. In aka raba biyan wata uku, za a riƙa cire 30,000, ya koma gida da 60,000. A takarda lissafin ya fita, amma akwai wani shinge a sashe na 5 na dokar: jimillar abin da ake yankewa daga albashin ma'aikaci a wata ɗaya kada ta haura kashi ɗaya cikin uku. Kashi ɗaya cikin uku na albashin direban nan 30,000 ne, adibas ɗin kaɗai ya cinye shi. In akwai kuɗin ƙungiyar ƙwadago ko na fansho da ake cire masa, an tsallake iyaka ke nan. Akanta mai hankali sai ya ce masa, "Malam, mu shimfiɗa shi wata shida." Za a riƙa cire 15,000, ya tsira da 75,000 kafin sauran yanke-yanke, tukunyar gidansa ba ta mutu ba.

A littafin kamfani, wannan 90,000 ba a rubuta ta a matsayin albashin da aka biya. Bashi ce a kan direban, kuma duk wata akanta yana rage 15,000 har ta zama sifili. A nan ne kuskure ya fi shiga. Idan wanda ya shigar da yankan bai saka watan ƙarshe ba, ko aka canza akanta a tsakiya, sai a ci gaba da cirewa a wata na bakwai da na takwas. Ma'aikacin da ke duba saƙon banki kawai ba lallai ya lura ba, musamman in kuɗin ƙarin lokaci yana sa albashinsa hawa da sauka. Maganin shi ne ya riƙe kwafin takardar da ya sa wa hannu, mai ɗauke da adadin kuɗin, da abin da za a cire duk wata, da watan farko da na ƙarshe, ya riƙa gwada ta da takardar albashinsa.

Ya kamata takardar ta faɗi abin da zai faru in ya bar aiki kafin ya gama biya. Yawanci ana cire ragowar daga haƙƙoƙinsa na ƙarshe, kuma in ba a rubuta hakan tun farko ba, rigima takan kai ga ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Akwai kuma abin da bankuna ke tallatawa da irin wannan suna. Shi wannan rance ne na banki, da ruwa da kuɗin hidima, kuma ana zare shi daga asusu da zarar albashi ya shigo. Kariyar sashe na 4 ta shafi abin da mai aiki ya ba ma'aikacinsa ne kawai, don haka direban da ya karɓi 90,000 daga banki zai mayar da fiye da haka, bisa sharuɗɗan da ya amince da su a waya ko a takarda.